Labule ba ƙyaure ba ne: kowane manajan reshe ya ga nasa kawai

Wata safiyar Litinin, ana tsakiyar hada-hadar taki, manajan reshenmu na Funtuwa ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Injiniya, ashe mutumin nan na Gusau har yanzu bai biya kuɗin maganin feshin bara ba, kuma aka ƙara masa kaya?" Ya faɗi sunan dilan, ya faɗi adadin bashin har da 'yan canjin da ke ƙarshe. Ban iya ba shi amsa nan take ba, domin abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi mutumin da ke Funtuwa yake karanta littafin bashin Gusau a wayarsa, a allon da ni na gina, na kuma tabbatar wa mai kamfani cewa kowa nasa kawai zai gani.

Kamfanin na sayar da kayan noma ne, taki da iri da maganin feshi, yana da rassa goma sha biyu, kuma duk manajojin suna duba dashbod ɗaya, wato allon rahoto, da aka yi a Power BI, manhajar Microsoft ta nuna bayanai. Tun daga ranar nake da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan magana, kuma shi ne zan kare a nan. Daidai ne manajan reshe ya ga layukan reshensa kaɗai, kuma a tushen bayanan ya kamata a sa kullen, inda ba ya iya taɓawa. Sai dai wanda ya kulle yana da bashi biyu a wuyansa: ya riƙa kula da wanda ke riƙe da makulli, kuma ya bar wa manajan tagar da zai san inda reshensa yake a cikin kamfani. Yawancin masu wannan aiki suna rubuta ƙa'idar su tafi, su bar bashin nan biyu ba a biya ba.

Ba kowa ya yarda da kullen ba, har mai kamfanin ma da farko. Ya ce da ni, "Duk yarana ne, me zan ɓoye musu? Bari na Katsina ya ga abin da na Zariya ya sayar, zuciyarsa ta motsa." Na ce, "Ranka ya daɗe, in jimillar ciniki ce kawai, da ban yi musu ba." Abin da ke cikin allon ya wuce jimilla. Akwai sunan kowane dila da lambar wayarsa, da bashin da ake binsa, da kwanakin da ya yi bai biya ba, da rangwamen da aka yi masa a kan kowane buhu. Rangwamen nan shi ne masifar. Ran da dilan Funtuwa ya ji cewa takwaransa na Gusau yana samun ragin da ya fi nasa, ciniki ya lalace a rassa biyu lokaci guda, kuma ba wani mugun nufi ake buƙata ba, hira ce kawai a kan benci bayan la'asar. Sannan manaja ma'aikaci ne, yau yana nan gobe ya buɗe shagonsa ko ya koma wurin abokin hamayya. In ya tafi da sanin dilolin reshensa, wannan ba makawa, shi ya yi hulɗa da su. Amma ya tafi da jerin dilolin rassa goma sha biyu a cikin fayil ɗaya, wannan mu muka ba shi.

Akwai kuma haƙƙin dilolin kansu, wanda ba a cika tunawa da shi a ɗakin taro ba. Mutum ya karɓi kaya bashi a Gusau, ya amince manajan Gusau da ofishin kuɗi su san halin da yake ciki. Bai amince asirinsa ya zagaya jihohi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta tafi a kan wannan hanya: a taƙaita bayanan mutum ga abin da aikin ke buƙata, a kuma kare su daga wanda ba shi da izinin gani. Ko ba doka, mu da muka taso muna jin cewa rufin asiri ya fi komai bai kamata a koya mana wannan ba.

To ina ake sa kullen? A nan mutane da yawa suke ruɗin kansu. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa maɓallin zaɓen reshe a saman shafi, a saita shi a kan Funtuwa, a ɓoye shi, ko a yi wa kowane reshe shafinsa a ɓoye sauran. Wannan labule ne. Duk bayanan suna nan a bayansa, kuma mai ɗan wayo zai ɗaga shi, ko ta hanyar share tacewar, ko ta hanyar haɗa Excel da tushen bayanan in yana da wannan izinin. Hanya ta biyu ita ce a kwafi rahoton sau goma sha biyu, kowane reshe da fayil ɗinsa. Wannan yana rufewa, amma duk gyaran da za a yi sai an maimaita shi sau goma sha biyu, kuma kafin wata uku lissafin riba a fayil ɗin Kano ya bambanta da na Dutse, a zo taro ana gardama a kan wane ne daidai. Abin da ake kira Row-level security a Power BI yana aiki ne a ƙarƙashin duk wannan. Rahoto ɗaya ne, tushen bayanai ɗaya ne, amma duk tambayar da allon ya aika sai ta bi ta rariya tukuna, rariyar kuma tana duba wanda ya shiga. Layin da ba nasa ba ba ya isowa wayarsa balle a yi maganar ɓoyewa.

Ga yadda na tsara namu. Akwai teburin Rassa, mai layi ɗaya ga kowane reshe, da lambarsa da sunansa da shiyyarsa. Akwai teburin Ciniki, inda kowane rasit yake da layinsa da lambar reshen da ya fito. An ɗaure su biyun da wannan lambar, kuma tacewa tana gangarowa ne daga Rassa zuwa Ciniki, kamar ruwa daga tudu. Sai tebur na uku, ɗan ƙarami, wanda na kira Izini. Abu biyu kawai ke cikinsa, adireshin da mutum ke shiga da shi da lambar reshen da aka ba shi. Manajan Funtuwa yana da layi ɗaya. Shugaban shiyya mai kula da rassa huɗu yana da layi huɗu. A Power BI Desktop, ƙarƙashin Modeling, a Manage roles, na ƙirƙiri matsayi ɗaya mai suna Manaja, na ɗora wannan ƙa'idar a kan teburin Rassa:

```
[LambarReshe] IN
CALCULATETABLE(
    VALUES(Izini[LambarReshe]),
    Izini[Imel] = USERPRINCIPALNAME()
)
```

Ma'anarta a taƙaice: duba wanda ya shiga, nemo rassan da aka rubuta a gaban sunansa, bar waɗannan kaɗai. Da zarar Rassa ya koma layi ɗaya, Ciniki ma ya bi shi. Shi ma teburin Izini na sa masa tasa ƙa'idar, `[Imel] = USERPRINCIPALNAME()`, don kada manaja ya ga wa aka ba me. Abin da nake so game da wannan tsarin shi ne halinsa ga baƙo. Wanda babu sunansa a Izini ba ya ganin komai. Na taɓa ganin ƙa'idar da aka rubuta da dogon jerin sharuɗɗa, in wane ne ba shi kaza, in wane ne ba shi kaza, sannan a ƙarshe aka ce in ba kowa daga cikinsu ba a bar komai ya wuce. Irin wannan, kuskuren harafi ɗaya a adireshi ya isa ya buɗe wa mutum kamfanin gaba ɗaya. Gara kuskure ya bar manaja da allo fayau ya kira yana faɗa.

Ƙa'idar nan daidai take. Ɓarakar Funtuwa daga wani wuri ta fito, kuma laifina ne. Ciniki yana zuwa daga manhajar sayarwa, amma bashi ofishin kuɗi ke riƙe da shi a Excel, suna rubuta sunan reshe da hannu, wani wuri Funtua, wani wuri Funtuwa, wani wuri FTA. Da aka matsa mini a ƙara shafin bashi kafin taron wata, na jawo teburin, na yi masa jadawali mai kyau, ban ɗaure shi da Rassa ba domin sunayen sun ƙi haɗuwa, na ce zan dawo in gyara. Rariya tana bin igiyar da aka ɗaura ne kawai. Teburin da ba a ɗaure ba, ba a kuma sa masa tasa ƙa'idar ba, a buɗe yake ga kowa, kuma Power BI ba zai yi maka gargaɗi ba, domin a wurinsa wataƙila da gangan ka bar shi haka. Shafin ciniki yana nuna Funtuwa kaɗai, shafin bashi yana nuna dilolin duk rassa, kuma ya yi kwana tara a haka kafin wannan kiran.

Alamar irin wannan ɓaraka mai sauƙin ganewa ce ga wanda ya san abin da zai duba. A Desktop akwai View as. Ka zaɓi matsayin Manaja, ka zaɓi Other user, ka rubuta adireshin manajan Funtuwa, ka bi shafuka ɗaya bayan ɗaya kana rubuta manyan lambobin a takarda. Sai ka sauya zuwa manajan Gusau ka sake bi. Duk lambar da ta tsaya cak ba ta motsa ba tsakanin mutum biyun, ka tsaya a kanta, domin ko dai da gangan aka bar ta ta kowa, ko kuma tana zuba. Ni na yi gwajin a ranar da na rubuta ƙa'idar, ban sake yi ba a ranar da na ƙara tebur. Yanzu ko ginshiƙi ɗaya na ƙara sai na sake bi, kuma ofishin kuɗi ba sa rubuta sunan reshe da hannu, daga jeri suke zaɓen lambarsa.

Akwai gwaji na biyu da yake kama kishiyar wannan matsalar. Ka tara abin da manajoji goma sha biyu suke gani, ka kwatanta da abin da hedikwata ke gani. In na hedikwata ya fi yawa, akwai rasitai marasa uba, waɗanda lambar reshensu ba ta cikin teburin Rassa, misali sabon wurin ajiya da aka buɗe aka fara sayarwa ba a shigar da lambarsa ba. A allon hedikwata za su fito a ƙarƙashin (Blank), amma babu manajan da zai taɓa ganinsu, saboda haka babu wanda zai tambayi inda kuɗinsu yake.

Ɓaraka ta biyu ta fi ta farko ba ni tsoro, domin babu abin da ya lalace a cikin fayil. Rubuta ƙa'ida a Desktop rabin aiki ne. Bayan an ɗora rahoton a intanet, sai an shiga Security na tushen bayanan an zuba mutane a cikin matsayin. An kawo sabon manaja Katsina, an sa sunansa a Izini, an manta ba a sa shi a matsayin Manaja ba. Ya buɗe allo, jadawalai suka ƙi fitowa, suna nuna saƙon kuskure. Ya kira ofis ina kan hanya, wani matashi mai son taimako ya shiga wurin aiki na Power BI, inda ake ɗora rahoton a intanet, ya ɗaga shi daga Viewer zuwa Member. Nan take komai ya buɗe, manaja ya yi godiya, kowa ya koma harkarsa. Abin da yaron bai sani ba shi ne, a wurin aiki na Power BI matakai huɗu ne, Admin da Member da Contributor da Viewer, kuma rariyar tana aiki ne a kan Viewer kaɗai. Sauran ukun suna da ikon gyara tushen bayanan, don haka ba a tace musu komai. Ban zargi yaron ba, domin a idonsa ya gyara abin da ya lalace, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa. Bayan wannan na fitar da manajoji gaba ɗaya daga wurin aikin. Ta App na Power BI, wanda kallo kawai ake yi a cikinsa, suke karɓar rahoton yanzu, kuma matsayin Manaja rukunin tsaro ɗaya na Entra ID, rajistar asusun ma'aikata ta Microsoft, ke cikinsa, ba sunaye ɗaiɗai ba, ta yadda shigar da sabon mutum, bayan layinsa na Izini, ya zama aiki guda a wuri guda. Wurin aikin kuwa mu uku ne a ciki, kuma na san dalilin zaman kowannenmu.

Wani hali na wannan tsarin da ya kamata duk mai kamfani ya sani shi ne, matsayi tarawa yake yi, ba ya ragewa. In mutum yana cikin Manaja kuma yana cikin Hedikwata, wanda ba shi da tacewa ko kaɗan, to abin da zai gani shi ne haɗin biyun, wato komai. Wannan yana faruwa ne ta hanya mafi sauƙi: an kira manaja ya taya aikin ƙididdigar ƙarshen shekara na mako biyu, an sa shi a rukunin hedikwata, ya gama ya koma reshensa, ba wanda ya tuna ya cire shi.

Wannan ne ya kai ni ga abin da na fi nacewa a kansa, har wasu abokan aiki suke ganin na cika tsanani. Teburin Izini bai kamata ya zauna a hannun mai kwamfuta ba. Ni ban san ranar da aka yanke shawarar mayar da manajan Zariya Dutse ba, sai dai in ji a bakin direba. Ofishin ma'aikata ne ya sani, su suke buga takardar sauyin wurin aiki, saboda haka su ya kamata su riƙe teburin, kuma gyara shi ya zama cikin aikin takardar, kamar karɓar makullin sito daga hannun mai tafiya. Babu mai kamfanin da zai yarda tsohon manaja ya tafi da makullin sito a aljihu na wata uku, amma sau nawa ake barin layinsa a Izini har shekara? Haka lokacin aikin Hajji, manaja ya tafi, na reshen kusa ya riƙe masa. A ƙara masa layi, babu laifi, amma a rubuta ranar ƙarewa a gefensa tun ranar da aka ƙara, a kuma sa ƙa'idar ta riƙa duba wannan ranar. Izinin wucin gadi da ba shi da ranar mutuwa zama yake yi.

Sai maganar kuɗi, wadda ba zan yi kamar ban san da ita ba. Lasisin Power BI Pro ya tashi daga dala 10 zuwa dala 14 a wata ga kowane mutum a watan Afrilun 2025. Manajoji goma sha biyu dala 168 ke nan duk wata, kuma wanda ke sayen dala da naira ya san zafin wannan. Shi ya sa ake jin shawarar a buɗe asusu ɗaya a raba wa kowa kalmar sirri. Ranar da aka yi haka an gama da maganar, domin `USERPRINCIPALNAME()` suna ɗaya zai riƙa gani, ba shi da hanyar bambance Funtuwa da Gusau. Wanda ba zai iya biyan asusu ga kowane manaja ba, gara hedikwata ta riƙa fitar wa kowane reshe takardarsa tana aika masa shi kaɗai, da a ce ana da kulle alhali makulli ɗaya ke hannun kowa.

Yanzu bashi na biyu, wanda a kansa nake ba manajoji gaskiya. Bayan an toshe ɓarakar, manajan Funtuwa ya sake kira, wannan karon ransa a ɓace. "Injiniya, allon nan ya ce ni ne kashi ɗari bisa ɗari na cinikin kamfani. In haka ne a ba ni kujerar Alhaji mana." Yana da gaskiya, lambar ƙarya ce. Ga lissafin da ke bayanta:

```
Kaso = DIVIDE(
    SUM(Ciniki[Kudi]),
    CALCULATE(SUM(Ciniki[Kudi]), ALL(Rassa))
)
```

Mu ɗauka Funtuwa ta sayar da kayan naira miliyan 48 a wata, kamfanin gaba ɗaya miliyan 600. A allon hedikwata lissafin yana ba da kashi 8, daidai. Amma `ALL` yana cire tacewar da mai kallo ya sa ne a shafi, ba ya iya tsallake rariyar tsaro. A wurin manajan Funtuwa duniyar gaba ɗaya miliyan 48 ce, saboda haka 48 a kan 48 ya ba shi ɗari. In ka ga kowane manaja yana samun kashi ɗari, ko kowa yana fitowa na ɗaya a jerin gwanaye, to wannan ce cutar. A gefe guda shaida ce cewa kullen yana aiki. A ɗaya gefen kuma an bar mutum a ɗaki ba taga, ana kuma tambayarsa a taron wata me ya sa ya faɗi ƙasa da sauran.

Wannan ba adalci ba ne, kuma a nan ne maganar mai kamfani ta farko take da ƙarfi. Manaja yana buƙatar sanin ko raguwar cinikinsa tasa ce ko ta kowa ce. In ruwan sama ya yi jinkiri, cinikin taki ya ja baya a ko'ina, wanda ya faɗi da kashi 5 alhali kamfani ya faɗi da kashi 15 yabo ya kamata a yi masa, kuma ya kamata ya iya ganin haka da idonsa kafin ya shiga taro. Maganin shi ne ƙaramin tebur na daban, mai jimillar kamfani wata-wata da matsakaicin reshe, babu sunan reshe a ciki, babu dila. Ana lissafa shi ne lokacin sabunta bayanai, kafin kowa ya shiga, a ɗaure shi da teburin kwanan wata kaɗai, kada a ɗaure shi da Rassa. Wato dai abin da ya jawo mini ɓarakar bashi, tebur marar igiya, shi ne a nan ake yi da gangan, bayan an zauna an yanke abin da za a sa a ciki. Sai a raba miliyan 48 da jimillar wannan teburin, kashi 8 ya dawo, manaja ya kuma ga cewa matsakaicin reshe miliyan 50 ne, yana dab da shi.

Amma tagar ma tana da iyaka, kuma na ga inda aka wuce ta. Wani ya ba da shawarar a ƙara matsakaicin shiyya. A shiyya mai rassa biyar babu damuwa. Muna da shiyya mai rassa biyu kacal. A ce matsakaicinta miliyan 35 ne, manajan ɗaya ya san nasa 41 ne. Ya ninka 35 sau biyu ya samu 70, ya cire 41, saura 29, cinikin maƙwabcinsa ke nan ba ƙari ba ragi. Ba a buɗe layi ko ɗaya ba, amma an ba shi amsar. Saboda haka muka bar matsakaicin shiyya ga shiyyoyin da ke da rassa huɗu ko fiye, ƙananan kuma suna kwatanta kansu da kamfani gaba ɗaya.

Akwai abubuwan da wannan kulle ba ya yi, kuma ina faɗa wa masu kamfani tun kafin su sa rai. Layi yake tacewa, ba ya ɓoye ginshiƙi. In ba ka son manaja ya ga farashin da kamfani ya sayo kaya, ko da na reshensa ne, wannan wani aiki ne daban, ko a cire ginshiƙin daga tushen bayanan manajoji gaba ɗaya. Ba ya kare fayil ɗin `.pbix` kansa, wato ainihin fayil ɗin rahoton na Desktop, wanda duk aka tura wa shi ya samu komai. Kuma in rumbun bayananku yana da nasa kullen, kamar yadda PostgreSQL yake da shi tun fitowar 9.5 da SQL Server tun 2016, kada ku ɗauka ya biyo bayanan zuwa dashbod. In ana kwaso bayanan ne a ajiye a Power BI, asusu ɗaya ke kwasowa, rumbun shi kaɗai ya sani, don haka sai an sake gina rariyar a wannan ɓangaren.

Babbar ƙofar da ta rage kuwa ba ta cikin kwamfuta. Bayan duk wannan aiki, wata rana na buɗe zauren WhatsApp na manajoji na tarar wani babba a hedikwata ya ɗauki hoton allonsa, mai jerin manyan masu bashi na duk rassa da sunayensu, ya tura don ya zaburar da mutane. Na same shi a ofis na ce, "Yallaɓai, wannan hoton ya warware aikin wata biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce bai ɗauke shi a matsayin fitar da bayani ba, tunatarwa ce kawai. Mun yi masa shafi na musamman mai jimilla da matsakaici, babu sunan dila ko ɗaya, wanda zai iya ɗauka ya tura duk lokacin da ya so. Jerin masu bashi kuma kowane manaja yana buɗe nasa a App, inda rariya ke tsaye.

Ranar Litinin ta farkon kowane wata, ni da shugabar ofishin ma'aikata muna zama na minti ashirin. Tana karanto sunayen manajoji daga takardar albashi, ina bin layukan Izini da yatsa, sannan mu buɗe rukunin Hedikwata da jerin mutanen wurin aiki mu ƙirga kawuna. A zaman watan jiya mun tarar da layi ɗaya da lokacinsa ya wuce, na wanda ya riƙe reshen Dutse lokacin da manajansa ke jinya, wanda aka shigar cikin gaggawa ba a rubuta masa ranar ƙarewa ba. Hajiya ta goge shi, ta rubuta kwanan wata a littafinta, muka kira manajan Dutse ya karanto mana jimillar bashin da ke allonsa, ta yi daidai da wadda ke gabanmu.